Yunit 20 a kwana uku: laifin mita ne ko na dutsen guga?

"Ina da shagon wanki da guga a Tudun Wada, nan Kaduna. A jikin dutsen gugana an rubuta 2000W, aka ce min kilowat 2 ke nan. Na sayi wuta ta kilowat 20, ko kwana uku ba ta yi ba. Anya mitar nan ba cutata take yi ba?"

Malam, kafin ka kai ƙarar mita, mu gyara wani abu: ba kilowat 20 ka saya ba, yunit 20 ka saya. Dubi fuskar mitarka, za ka ga kWh. Harafin h ɗin nan awa yake nufi.

Ɗauki ɗan garuwa a bakin famfo. Ƙarfin zubar ruwan daban, ruwan da ya taru a jarka daban. Kilowat shi ne ƙarfin zubar, wato yadda na'ura take zuƙar wuta a lokacin da take kunne. Yunit kuwa shi ne abin da ya taru a jarka, kuma kuɗinsa kake biya. Na'ura mai kilowat 1, in ta yi awa ɗaya tana aiki, ta sha yunit 1. Dutsenka mai kilowat 2 yana shan yunit 2 a awa, don haka yunit 20 awa goma ce kacal in bai huta ba.

Sai dai yana hutawa. Ka lura da 'yar fitilar jikinsa da ke mutuwa tana kamawa? In ta mutu, dutsen ya yi zafi ya daina jan wuta. Mu ƙaddara kana guga awa shida a wuni, rabinsu ne yake ja: awa uku sau 2, yunit 6 ke nan. Fanka mai wat 75 ta wuni awa goma, ba ta kai yunit ɗaya ba. Haɗa da ƙwayayen fitila, kana shan kusan yunit 7 kullum. Ka ga kwana uku ma da ƙyar.

Ni da a shagonka nake, ga abin da zan yi gobe da safe. In kashe komai, in rubuta lambar da ke mita, in yi guga na awa ɗaya ina ƙirga riguna, sannan in sake dubawa. A ce yunit 1 ya tafi a riga goma, kuma yunit naira 200 ne (duba rasiɗinka don ainihin farashin layinku), kowace riga ta ci wutar naira 20. Wannan ya shiga kuɗin gugarka. In kuwa ka kashe komai amma jar fitilar mita tana ta ƙyaftawa, to akwai inda wuta ke zurarewa, ko wani ya jona a layinka. Kira mai gyaran wuta.

Kilowat ɗin kuma ranar sayen janareta zai yi maka amfani. Ƙaramin nan da bai kai kilowat 1 ba, ko ka cika masa tanki ba zai ɗauki dutsenka ba, kana jonawa zai shaƙe.