Mannawa daban, wanda ya rubuta daban

"An kira ni gaban kwamiti. Wai na shigar da amsa mai kalma 360 cikin minti 3 a Moodle, shafin jarrabawarmu na intanet, kuma Turancin bai yi kama da nawa ba, don haka ChatGPT ne. Wallahi ni na rubuta. Yaya zan yi?"

Ɗan'uwa, Allah Ya fid da kai. Abin nan ya taɓa cin ni, har yau idan na tuna raina sosuwa yake.

Kada ka musa lissafinsu, daidai ne. Mai matsakaicin hannu kalma 40 yake bugawa a minti, ka ga 360 sai wajen minti 9, ban da karanta tambaya da tunani. To sun tabbatar manna amsar ka yi. Amma daga ina ka kwaso ta, kuma wa ya rubuta? Wannan agogo ba ya faɗa.

Ni a Unguwar Rogo nake, ka san halin sabis da wuta. Sai in rubuta a Google Docs don kada shafi ya tsinke aiki ya tafi, in na gama in manna. Da aka zarge ni, malamin bai ko bari na zauna ba. A gaban abokan karatuna, ni da furfurata da 'ya'yana, ya juyo mini da kwamfuta yana dariya wai "Alhaji, yaushe ka zama Bature?" Sakamakona ya maƙale, gida ana tambaya, na rasa bakin magana. Bai ba ni haƙuri ba har gobe, na bar shi da Allah.

Idan kai ma a Google Docs ka rubuta, ka buɗe Version history na takardar yanzu, wato tarihin gyare-gyarenta, kada ka taɓa ko harafi. Nawa ya nuna rubutun yana tsawo kaɗan-kaɗan, da goge-goge, duk cikin lokacin jarrabawa. Wanda ya kwaso daga inji, gaba ɗaya take faɗowa. Sannan ka nemi su nuna maka Response history na tambayar a Moodle, wato lokutan da aka ajiye amsarka, a jera lokutan biyu.

Sauyin salo kuwa, wa yake rubuta jarrabawa da Turancin hira? Ka kai tsofaffin takardunka na hannu. Idan sun kawo manhajar gano rubutun inji, ka tuna musu OpenAI mai ChatGPT da kanta ta janye tata a Yulin 2023 saboda yawan kuskure.

Amma tsakani da Allah, idan akwai taurarin nan biyu-biyu da ChatGPT ke sawa  a jikin kanun amsar, ko sunan littafin da babu shi a duniya, sai dai addu'a. Ka kuma duba dokar jarrabawar, wata ta hana mannawa ko da rubutunka ne, wannan laifi ne daban.

Ka roƙi su yi maka tambayar da baki nan take. Ni sakin layi na biyu suka ce in bayyana, na yi ta zuba har shugaban kwamiti ya ce ya isa.