Ya ce zai kashe shi: ina sirrin majiyyaci ya tsaya?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin likita. An ba mu wani misali mu tattauna a aji: mutum mai shekara 38, ana duba shi saboda ciwon damuwa da rashin barci, ya faɗa wa likitansa cewa zai kashe abokin kasuwancinsa da ya cinye masa dukiya. Ya kuma ƙara da cewa, "Wannan magana tsakanina da kai ce." Rabin ajinmu sun ce a kira 'yan sanda nan take, rabi sun ce sirri sirri ne. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Barka kadai, ƙanwata. Duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa, domin sun yanke hukunci alhali mutumin yana zaune gaban likita, ba a gama jin ta bakinsa ba. Sirrin majiyyaci yana da iyaka, wannan ba abin musu ba ne. Amma buɗe sirrin shi ne mataki na ƙarshe, kuma ko an zo kansa, ba duka ake buɗewa ba.

Akwai shari'ar da kusan duk malamin wannan fanni yake farawa da ita. A shekarar 1969, wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Prosenjit Poddar, ya faɗa wa masanin halayyar ɗan Adam da ke duba shi, Dokta Lawrence Moore, cewa zai kashe wata budurwa. Daga bayaninsa ana iya gane cewa Tatiana Tarasoff yake nufi. Moore bai yi shiru ba. Ya sanar da 'yan sandan jami'ar, suka tsare Poddar na ɗan lokaci, suka ga kamar yana cikin hankalinsa, ya yi musu alkawarin zai nisance ta, suka sake shi. Babu wanda ya gaya wa budurwar ko iyayenta. Poddar ya daina zuwa asibiti, kuma ranar 27 ga Oktoba, 1969, ya kashe ta. Iyayenta suka kai ƙara. A 1974 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta ce mai duba majiyyaci yana da nauyin gargaɗin wanda ke cikin haɗari. A 1976 ta sake zama kan shari'ar, ta faɗaɗa maganar: nauyin shi ne a ɗauki matakin da ya dace don kare mutumin, ko ta gargaɗinsa, ko ta sanar da 'yan sanda, ko ta wata hanyar da halin ya buƙata.

Abin da ɗalibai suka fi mantawa a labarin shi ne an buɗe sirrin, an kira 'yan sanda, amma duk da haka an yi kisan. Abin da aka yi asara shi ne majiyyacin kansa, wanda ya fice daga hannun masu lura da shi har tsawon makonni. Wannan ya isa amsa ga masu ganin cewa da an ɗaga waya an sauke nauyi.

To, mu koma kan mutumin naku. Abu na farko, likita ba zai amsa masa da "na yi maka alkawari" ba. Zai ce masa wani abu kamar haka: "Duk abin da ka gaya mini amana ce, sai dai idan ran wani ko naka yana cikin haɗari. A nan ba zan iya yin shiru ba. Amma kafin komai, ina so in fahimci abin da ke zuciyarka." Da so samu ne, an faɗa masa wannan sharaɗi tun ranar da aka fara ganinsa, don kada ya ji an yaudare shi.

Daga nan sai tambayoyi, kai tsaye, ba kewaye-kewaye. Sabbin likitoci sukan ji tsoron cewa tambayar za ta ƙara tunzura mutum, sai su canza zance. Kuskure ne. Ki tambaye shi tun yaushe wannan tunani yake zuwa masa, kuma idan ya zo, tsorata shi yake yi ko sanyaya masa rai. Ya tsara yadda zai yi? Yana da makami, ko ya nemi hanyar samunsa? Ya san inda mutumin yake kwana da lokacin da yake fita, ya taɓa bin sawunsa? Ya sa rana? Ya taɓa raunata wani a baya? Wannan ta ƙarshen tana da nauyi ƙwarai, domin tarihin tashin hankali yana cikin alamomin da suka fi nuna abin da mutum zai iya yi gaba. Ki tambayi giya da ƙwayoyi. Ki bincika ko yana jin muryoyi suna ba shi umarni, ko kuma zancen cin dukiyar ma ruɗin tunani ne da ciwo ya haifar. Kada ki manta da tambayar ko yana tunanin kashe kansa, domin ga mai ciwon damuwa tunanin biyu sukan zo tare. Sannan ki tambaye shi abin da ya hana shi aikatawa har yau.

Amsoshin nan ne suke raba mutum biyu da suka furta kalma iri ɗaya. Na farko ya ce: "Idan na tuna shi sai in ji kamar in shaƙe shi, amma ina da 'ya'ya, wa zan bar wa su?" Ba shiri, ba makami, bai taɓa dukan kowa ba. Wannan fushi ne da baƙin ciki, kuma mafi yawan masu irin wannan furuci ba sa aikata komai. Idan kika kai shi ga hukuma, kin tona masa asiri a banza, wataƙila ya rasa aikinsa, kuma ba zai sake buɗe wa wani likita cikinsa ba. Nasa magani ne, da sa ido, da a ce ya dawo cikin 'yan kwanaki maimakon wata guda, a sake tambayarsa duk zuwan da ya yi. Akwai ma wasu da mugun tunani ke faɗo musu ba da sonsu ba, yana firgita su har su riƙa ɓoye wuƙaƙen gida don gudun kansu. Waɗannan wani ciwon ne daban, kuma ba su ne abin tsoro ba.

Na biyu ya ce ya sayi wuƙa makon jiya, ya je ƙofar gidan mutumin sau biyu da dare, ya san ranar da iyalinsa ba sa nan, kuma shi rayuwarsa ta riga ta ƙare. A nan abubuwan da ake nema sun haɗu: cutarwar mai tsanani ce, akwai takamaiman mutum da aka sani, haɗarin na gaske ne kuma yana kusa. Wannan mutum ba mai tafiya gida da takardar magani ba ne. Magungunan ciwon damuwa sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki, ba za su kare kowa a daren yau ba.

Ko a nan, ana fara nema ne ta hanyar da shi kansa zai yarda. Ki ce masa kina so a kwantar da shi a asibiti. Ki nemi izininsa a kira wani nasa da ya amince da shi, ya zo ya zauna da shi, a karɓe makamin. Mutane da yawa da suka kawo irin wannan magana gaban likita, wani sashe na zuciyarsu yana neman a tare su ne, in ba haka ba da ba su faɗa ba. Idan ya yarda, an kare wancan mutumin kuma an riƙe amanar wannan. Idan ya ƙi, kuma akwai ciwon ƙwaƙwalwa da ke tura shi, dokokin ƙasashe da yawa sun ba da damar kwantar da shi ko ba da yardarsa ba, bisa sharuɗɗa. Duk wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ki kira babban likitan da ke samanki tun mutumin yana nan, a nemi likitan ƙwaƙwalwa, a tuntuɓi lauyan asibiti idan lokaci ya bari. Tattaunawa da waɗanda ke kula da shi tare da ke ba tona sirri ba ce. Kuma ki kula da kanki: kada ki tare masa ƙofa, kada ki zauna ke kaɗai da mutumin da ya fara huci.

Idan ya tashi ya fice, to an zo inda ake buɗe sirri. Ƙa'idar Majalisar Likitocin Birtaniya ta bayyana shi sarai, kuma ana koyar da irinta a wurare da dama: ana iya bayyana bayani ba da izinin majiyyaci ba idan yin shiru zai jefa wani cikin haɗarin mutuwa ko mummunan rauni. A gaya masa za a yi hakan, sai fa idan gaya masan zai ƙara haɗarin. A faɗa wa wanda zai iya yin wani abu, wato 'yan sanda, da kuma mutumin da ake yi wa barazana in ana iya samunsa. Kuma a faɗi iya abin da ake buƙata: wane ne, me ya ce zai yi, wa yake nufi, me yake riƙe da shi, yaushe ya bar asibiti. Sauran abin da ke cikin fayil ɗinsa, kamar matsalar aurensa ko wata cuta da yake ɗauke da ita, yana nan a matsayin amana. Mai gidan da yake haya da shugabansa a wurin aiki ba su da rabo a zancen. Gargaɗin ma yana da nasa haɗarin, domin wanda aka gargaɗa yana iya cewa bari ya riga shi, shi ya sa ya fi kyau a yi shi tare da hukuma.

Doka kuwa ba ɗaya ba ce a ko'ina. A Amurka kanta jihohi sun sha bamban: wasu sun wajabta, wasu sun ba da izini kawai, Kotun Ƙolin Texas ma a 1999 ta ƙi ɗora wa likita nauyin gargaɗi. Don haka idan kika fara aiki, ki san ko dokar wurin ta ce "dole ne" ko "kana iya", ki kuma karanta ƙa'idar hukumar da ta ba ki lasisi. Ki lura kuma cewa mutumin da ya ce ya taɓa aikata laifi shekarun baya, ba tare da wani yana cikin haɗari yanzu ba, hukuncinsa daban ne. Dalilin buɗe sirri shi ne hana cutar da ke tafe.

Ki rubuta komai a fayil a ranar: maganarsa da kalmominsa, tambayoyin da kika yi da amsoshinsa, wanda kika tuntuɓa da ƙarfe nawa, abin da kika bayyana da wanda kika bayyana wa, da dalilin. Idan kika yanke cewa ba za a bayyana ba, shi ma ki rubuta dalilin, da ranar da za a sake ganinsa. Bayan an sanar da hukuma, har yanzu majiyyacinki ne. A neme shi ta waya, a ba shi lokacin dawowa, idan kuma ya ce ba ya son sake ganinki, a haɗa shi da wani likitan.