Likita, ɗana ba ya jure hayaniya: ina zan samar masa wurin hutawa?

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara biyar ne. Gidan haya muke, ɗaki da falo. Da an tayar da janareta ko gida ya cika da baƙi sai ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu, wani lokaci har ya buga kansa da bango. Jibi-jibin nan za a yi suna a gidanmu. Yaya zan yi? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Abin da yake yi ba rashin kunya ba ne. Akwai yaran da ƙwaƙwalwarsu ba ta iya tace sauti, don haka ƙarar janareta da hirar mata da kukan jariri duk su shigo masa lokaci guda da ƙarfi ɗaya. Abin da yake bukata shi ne wani ɗan lungu nasa na kansa da zai shiga kafin abin ya fi ƙarfinsa, kuma ɗaki da falo ya isa.

Ki fara da zaɓen wuri da kunnenki. Idan an tayar da janareta, ki tsuguna daidai tsawon yaron a kowace kusurwa ta uwar ɗaka ki saurara. Yawanci kusurwar da ta fi nisa da taga da ƙofa ce ke cin gasar, sau da yawa tsakanin gado da bango. Faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya da rabi ya wadatar. Ki shimfiɗa tabarma, ki ɗora ƙaramar katifa ko bargo a ninke, ki jingina filo biyu a jikin bango, musamman da yake yana buga kai. Sai ki rataya labule mai kauri a gefen da ke kallon ɗaki. Labulen ba zai hana ƙara shigowa ba. Aikinsa ya rage amsa-kuwwa, ya kuma kare masa ganin mutane suna kai-komo, wanda shi ma rabin damuwar ne. Rufe ƙofar uwar ɗaka da tura tsohon zane a ƙarƙashinta ya fi labulen rage ƙara.

Ki bar saman a buɗe saboda iska, don a zafin Afrilu lungun da aka rufe ruf tanderu ne. Igiyar labulen ki ɗaure ta sama inda hannunsa ba zai kai ba. Kada a kunna turaren wuta ko maganin sauro mai hayaƙi a kusa, kuma a kawar da wayar lantarki. Idan janaretan kusa da tagarku yake, ki roƙi mai shi ya matsar da shi nesa, domin hayaƙinsa guba ne da ke kashe mutane a cikin barci.

Kaya uku ko huɗu sun isa: zanenki da ya saba da ƙamshinsa, ƙwallon roba da zai riƙa matsawa, gorar ruwa, da abin wasa ɗaya da ya fi so. Ban da wayar salula, don ita ma haske da ƙara ce.

Inda yawancin iyaye ke tuntuɓe shi ne sai yaro ya fara ihu sannan su ja shi zuwa lungun. A lokacin nan ba ya iya koyon komai. Tun yau, sa'ad da gida ya yi tsit kuma yana cikin walwala, ku shiga tare ku zauna minti uku zuwa biyar, safe da yamma. Ki sa wa wurin suna guda, kamar "wajen hutu", kowa ya riƙa kiransa haka. Kwana biyu ba su isa ya saba sosai ba, abin yakan ɗauki makonni, amma za su rage masa baƙunta.

Ranar suna ki ɗora wa mutum ɗaya da ya yarda da shi, ƙanwarki ko kakarsa, aikin lura da shi kaɗai. Ya ci ya ƙoshi kafin baƙi su fara zuwa. Da ta ga alamun farko, wato ya fara taɓa kunne, ko kaɗa jiki gaba da baya, ko maƙale wa zani, sai ta ce a hankali, "Zo mu je wajen hutu." Kalmomi kaɗan, babu tambayoyi. Ta zauna a bakin labulen, ta hana sauran yara leƙe, ta bar shi ya fito da kansa. Ki gaya wa mata tun da wuri cewa uwar ɗaka ba wurin ajiye jakunkuna da sallah ba ne ranar nan. Na san wannan magana tana da nauyi a wajen dangi, amma ki daure ki faɗa.

Tambaya: Ni ina ganin wannan shagwaɓa yaro ne. Da can idan 'yata ta fara, ɗaki nake kulle ta har ta yi shiru. Mene ne bambancin? (Wani uba daga Maraɗi)

Amsa: Malam, bambancin yana wajen ƙofa. Lungun hutu yarinya ce ke shiga da ƙafarta ta fita da ƙafarta, kuma babba yana kusa. Shirun da ke biyo bayan kulle gajiya ce da tsoro, kuma tana iya ji wa kanta ciwo babu mai gani. Ina roƙonka ka daina. Kada kuma a taɓa tura ta lungun don ta yi laifi, domin sau ɗaya ya zama wurin horo, ba za ta ƙara neman sauƙi a cikinsa ba.

Damuwarka game da shagwaɓa tana da wurin zama, kuma ana iya gwadawa. Ka riƙa rubuta lokacin da ta shiga, abin da ya faru kafin nan, da minti nawa ta yi, har mako uku. Idan abin yana aiki, ihun zai ragu kuma za ta riƙa komawa cikin mutane da kanta. Idan kuwa sai an ce ta yi wanka ko ta tafi makarantar allo take rugawa ciki, to ta huta minti biyar, sannan aikin yana nan yana jiranta. Yarinyar da ke wuni a ciki tana ƙin fitowa kuma, wannan sai a kawo mana ita.

Tambaya: Zan iya cusa wa jikana auduga a kunne idan za mu biki? Shekararsa uku, bai fara magana ba. (Wata kaka daga Jos)

Amsa: A'a, Hajiya, audugar ba ta rage ƙara sosai, kuma tana iya maƙalewa a ciki. Akwai abin rufe kunne na yara mai kama da na jin waƙa, wanda ke rufe kunnen daga waje. Shi ya fi, amma a sa shi lokacin kiɗa da lasifika kawai a cire. Idan aka bar shi a kunne kullum, kunnen zai ƙara kasa jure sauti. A gidan bikin ki nemi ɗakin da ya fi nisa da lasifika tun da kuka isa, ki tafi masa da zanen da ya saba da shi.

Rashin maganar ya fi damuna. Yaro ɗan shekara biyu ya kamata ya haɗa kalmomi biyu, kamar "ba ni" ko "Mama zo". Idan ga rashin magana, ga ƙin hayaniya, kuma ba ya waiwayowa in an kira sunansa ko ba ya nuna abu da yatsa, ana bukatar a duba shi don lalurar galahanga irin wadda likitoci ke kira otizim. Kafin nan a fara gwada jinsa, domin ruwa a bayan dodon kunne ko ciwon kunne na iya jinkirta magana. Ku je sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ku nemi gwajin ji da duba girman yaro, cikin watan nan, kada a jira ya shiga makaranta.