Kuskuren inci ɗaya, hukuncin kwana uku

"Likita, ni tela ne a Herwagana, shekarata 12 a kan keke. Ana saura mako biyu Sallah na yanke hannun kaftanin wani kwastoma ya gaza da inci ɗaya. Na warware kalmasa na gyara, mai kayan bai ma lura ba. Amma kwana uku ban yi barcin kirki ba, ina ta ce wa kaina sakarai, ba ka iya komai ba. Yanzu sai na auna yadi sau biyar kafin in sa almakashi, ɗinki ya taru mini. Ciwo ne wannan?"

Malam, son aiki ya yi kyau ba ciwo ba ne, shi ne ma ya riƙe maka kwastomomi shekara 12. Inda matsalar take shi ne ka ɗaure darajarka a matsayin mutum a jikin aikin, ta yadda in hannun riga ya gaza, kai ma ka gaza. A shekarar 2002 wasu masana halayyar ɗan Adam a Jami'ar Oxford, Roz Shafran da abokan aikinta, sun bayyana wannan hali da cewa mutum ne ke auna kimarsa da ko ya cika ƙa'idar da ya gindaya wa kansa, ya kuma ci gaba da bin ƙa'idar ko da tana cutar da shi. Rashin barcinka da tarin ɗinkin nan su ne cutarwar.

Ka lura da yadda abin yake zagayawa. In ɗinki ya fito tsaf, zuciyarka ba ta yaba maka, sai ta ce ai aikin ne mai sauƙi. In an sami tangarɗa, sai ta ce ga shaida nan. Ko ta ina aka bi, ba ka da ranar cin nasara. Shi kuma jiki ba ya bambance zagin da ya fito daga bakin wani da wanda ya taso daga cikinka. Duka biyun barazana yake ɗaukarsu: zuciya ta riƙa bugawa da sauri, kafaɗa ta sanƙare, ido ya bushe da dare. Telan da bai yi barci ba kuwa shi ya fi kowa kusa da sake yin kuskure da safe.

Abu na farko da nake so ka yi na takarda da biro ne, minti biyar ya isa. Ka rubuta abin da ya faru kamar kana ba da shaida gaban alƙali, babu ƙari: hannu ya gaza da inci ɗaya, na gyara cikin kaza, asarar zare da lokaci kaza. A ƙasansa ka rubuta hukuncin da ka yanke wa kanka da ainihin kalmomin, "sakarai, ba ka iya komai ba". Ka karanta su biyun a jere. Riguna nawa ka yanka a shekara 12? Ko da biyar kacal kake yi a mako, sun haura dubu uku. Wanda bai iya komai ba ai ba ya sanin cewa akwai inci ɗaya a ɓoye cikin kalmasa.

Sai layi na uku, wanda ya fi wuya. Ka ɗauka yaron shagonka ne, wanda kake ƙauna kuma kake so ya ƙware, ya yi wannan kuskuren. Me za ka ce masa? Ina zato wani abu kamar: "Ka yi gaggawa don aiki ya yi yawa. Gobe ka sa alli ka duba kafin ka yanka. Kawo mu gyara." Wannan maganar ba ta ɓoye laifin ba, ta faɗi dalilinsa, ta kuma nuna abin yi. Ita za ka rubuta wa kanka, ka karanta a hankali da irin muryar da za ka yi wa yaron magana. Kwanakin farko za ka ji kamar wasan kwaikwayo kake yi. Haka kowa yake ji, don tsohuwar muryar ta yi shekaru tana atisaye. In ƙirjinka na dukan uku-uku, ka fara da numfashi: ka shaƙa kana ƙirga huɗu, ka fitar kana ƙirga shida, na minti biyu. Tsawaita fitar da numfashi yana rage gudun bugun zuciya.

Batun awo sau biyar kuma, magana ba ta warkar da shi, sai gwaji. Duk lokacin da ka sake aunawa kana samun sauƙi na ɗan lokaci, sai ƙwaƙwalwa ta koyi cewa awo na biyar ne ya cece ka. Daɗin daɗawa, yawan maimaita dubawa yana sa mutum ya daina yarda da abin da idonsa ya gani. Don haka ranar Asabar ka rubuta hasashenka: in na auna sau biyu kawai, riga nawa cikin goma za su lalace, kuma fargabata za ta kai nawa cikin goma? Daga nan har mako ya zagayo, ka auna, ka sa alli, ka sake aunawa sau ɗaya, ka yanka. Ka fara da yadi mai sauƙin kuɗi, kada ka fara da gezna ta ango. Ƙarshen mako ka gwada hasashen da abin da ya faru. Galibi fargabar tana tashi a riguna biyu ko uku na farko, sannan ta sauka da kanta in ba a biya mata da ƙarin awo ba. In kuma an sami kuskure ɗaya, gwajin bai rushe ba, ka dai sami damar ganin nawa ne ainihin kuɗin kuskure. Abin da ke ɓata gwajin shi ne wayo: ka auna sau biyu da tef, sannan ka kira yaron shago ya duba maka. Wannan awo na uku ne ya sake riga.

"Ni ɗaliba ce a jami'a, daga Tudun Wada. Na ci 68 a wani kwas, saura maki biyu in sami A, na yini ina kuka. Ƙawata ta ce in riƙa tausaya wa kaina. Amma Likita, in na daina yi wa kaina faɗa ba zan zama malalaciya ba? Ai da faɗan na kawo nan."

'Yata, wannan ita ce tambayar da na fi ji a ɗakin duba marasa lafiya, kuma ba ta wauta ba ce. Yawancinmu da bulala da "wane ya fi ka" aka koya mana karatu, to ba mamaki mu zaci bulalar ce ta yi aikin.

An gwada wannan zato. A 2012 Juliana Breines da Serena Chen na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun ba ɗalibai jarrabawar kalmomi mai wuya da gangan don su faɗi, sannan suka ba su damar yin bita kafin zagaye na biyu. Waɗanda aka gaya wa cewa jarrabawar tana ba mutane da yawa wuya, kada su tsananta wa kansu, sun fi sauran daɗewa suna bitar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai jin kunyar takardarsa ba ya son sake kallonta. Ke kin koma kin duba inda maki 32 ɗin suka zube, ko kin tura takardun ƙarƙashin katifa?

Tausaya wa kai ba shi ne ki ce 68 da 70 duk ɗaya ba ne. Kina son A, ki ci gaba da so. Bambancin yana cikin abin da za ki yi a sa'a ɗaya bayan ganin sakamako. Faɗa yana cewa "kin ba da kunya", daga nan ba shi da sauran bayani. Ɗaya muryar tana cewa "abin ya yi zafi, kin sha wahala a kansa, wace tambaya ce ta kayar da ke?" Wadda ta kai ki ga buɗe littafi, ita ce mai amfani. Ki kuma duba ko kina jinkirta fara aikin gida har daren miƙawa saboda tsoron kada ya fito da aibi. In haka ne, faɗan ya riga ya fara cin makin da kike zaton yana karewa.

"Ni matar aure ce daga Kumo. Alwala sai in yi ta sau shida ko bakwai, ina ganin ban wanke wani wuri ba. Salla ma ina sakewa, har lokaci ya kusa fita. In na gama sai in ce Allah ba zai karɓa ba saboda sakacina. Akwai maganin barci da zan sha in huta?"

Baiwar Allah, naki ya bambanta da na biyun farko, kuma ina so ki ga likita ido da ido. Tunani mai kutsowa ba da son mutum ba, da maimaita aiki don a kwantar da shi, in suna cin fiye da sa'a ɗaya a yini ko suna hana harkokin gida, ciwon waswasi ne, kuma yana da magani. Ba sakaci ba ne; masu sakaci ba sa alwala bakwai.

Fiƙihu fannin malamai ne, ki tambaye su, amma abin da aka karantar da mu tun muna yara ya zo daidai da abin da muke yi a asibiti. Addinin da ya tanadi ƙabli da ba'adi ya san mai salla zai yi mantuwa. Malaman Malikiyya kuma sun ware hukuncin wanda shakka ta aure shi, wato take zo masa kullum: ya yi watsi da ita, kada ya biye mata. Mu ma haka muke horar da mai wannan ciwo, mataki-mataki: alwala ɗaya, a tashi, a bar damuwar ta hau ta sauka ba tare da an koma buta ba. Sau da yawa ana haɗawa da ƙwayoyin da likitan ƙwaƙwalwa ke rubutawa, waɗanda a ciwon waswasi sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninsu, don haka kada a yar da su a mako na biyu a ce ba sa aiki.

Maganin barci na kemis, irin su diyazifam, kada ki fara. Ba ya taɓa waswasin, kuma jiki yana sabawa da shi cikin 'yan makonni. Ki je babban asibitin da ke kusa da ke a tura ki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai shi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Ki gaya wa likitan in kin yi mako biyu ko fiye kina cikin baƙin ciki kusan kullum, abinci da hira sun fita ranki, domin ciwon damuwa yakan biyo waswasi. In kuwa tunanin cewa gara ki mutu ya taɓa zo miki, kada ki jira ranar asibiti: ki faɗa wa maigida ko wata 'yar'uwa da kika yarda da ita, su raka ki yau.