Ka je ɗaurin auren, ka tsallake dina

"Kawu, shekara biyu ina zuwa zance wurin ƙanwar abokina, yanzu ta ce wani take so, har an sa rana. In karɓi kayana in daina shiga unguwarsu?"

Ɗana, bari mu fara da kayan, tunda su ka fara ambata. A al'adarmu, abin da ya bi ta hannun manya shi ake mayarwa: kuɗin na-gani-ina-so, kuɗin gaisuwar iyaye, kayan sa rana. Su ma ba saurayi ke zuwa karɓa ba, waɗanda suka kai su ake kira a damƙa musu. Kai kuwa Baffanka bai taɓa taka ƙofar gidan nan da sunanka ba. Abin da ke tsakaninku toshi ne, turare, atamfar sallah, katin waya. Wanda ya aika a karɓo masa irin waɗannan, sai ya tsufa ana ba da labarinsa a majalisa. Ka bar mata.

Zafin da kake ji ba abin kunya ba ne. A Buhari akwai labarin Mugisu, wanda ya riƙa bin Barira, matarsa da ta rabu da shi, a Madina, hawaye na zuba a gemunsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi mata magana ta koma, ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto yake yi. Ta ce ba ta da bukatarsa, aka ƙyale ta. To, wa za ka aika ya lallashi wannan?

Ita kam ka janye gaba ɗaya. Ba kira, ba saƙon dare, ba leƙen hotunanta a waya, ba aiken ƙanenta da "a gaishe ta". In kun haɗu a hanya, sallama ta wadatar.

Amma wanta me ya yi maka? Tare kuka yi makarantar allo tun ba ta iya tafiya ba. Dakalin ƙofar gidansu ne kawai za ka ɗaga wa ƙafa na wata biyu ko uku, ku riƙa haɗuwa a shagonsa ko wurin mai shayi. Ka ce masa sau ɗaya, "Allah bai yi ba, Allah ya sa haka ya fi alheri," kada ka sake tayar da zancen. In ka mai da shi ɗan rahoto, kullum kana tambayar me angon ya kawo, da kansa zai fara guje maka.

Ni ma an yi mini, kafin in auri mai ɗakina da ka sani. Na yi fushi na ƙaurace wa layin shekara guda, har mahaifin yarinyar ya rasu ban je gaisuwa ba. Wannan ne yake damuna har yau, yarinyar kuwa da ƙyar nake tuna fuskarta.

Ranar ɗaurin aure ka sa wankakkiyar rigarka, ka tsaya cikin abokan wanta, a shafa fatiha da kai, ka karɓi goro da alawa, ka yi wa mahaifinta Allah ya sanya alheri, ka wuce. Kamu da dina ba naka ba ne. Da yamma ka biyo ta gida, akwai taki da za mu kai gona.