Takardun da ake nema bayan an yi maka tayin aiki a Birtaniya

Ƙanena, ka ce ka yi mamaki da ka ji mutanenmu na nan suna rubuta wa ofishin kula da ma'aikata su tambayi takardun da za su kai, kamar suna gaggauta mai ba su aiki. A nan ba rashin kunya ba ne. Tayin farko yawanci da sharaɗi yake zuwa, sai bincike ya kammala aikin yake tabbata, kuma jami'an ofishin sun fi son wanda ya tambaya tun ranar farko. Shi ya sa muke hana mutum ajiye tsohon aikinsa kafin ya ga takardar tabbaci.

A ce ma'aikaciyar jinya ce daga Kano, ta shekara biyu a nan, ta samu aiki a asibiti. Saƙonta gajere ne: ta gode, sannan ta tambayi matakin binciken da DBS, hukumar da ke duba ko mutum yana da tarihin laifi, za ta yi mata, da takardun shaida da suke karɓa, da ko suna son takardar 'yan sanda daga Najeriya.

Ta ƙarshen nan ce ke cin lokaci. DBS bayanan 'yan sandan Birtaniya take dubawa, ba ta ganin zaman da aka yi a gida. Asibitoci sukan nemi shaida daga duk ƙasar da mutum ya zauna wata shida ko fiye a cikin shekara biyar da suka wuce. Ita kuwa shekara uku daga ciki a Kano ta yi su, to sai ta nemi takardar shaidar hali daga 'yan sandan Najeriya. In ba ta tambaya ba, sai ana dab da fara aiki a ce a kawo.

Sauran da sauƙi: fasfo na asali, takardar banki mai adireshi wadda ba ta wuce wata uku ba, adireshin shekara biyar ba tare da giɓi ba, da share code da ake cirowa a shafin gwamnati don nuna izinin aiki, wanda kwana 90 yake yi.

Inda namu suke tuntuɓe shi ne suna. Fasfo ya ce Aisha Muhammad, takardar makaranta ta ce Aishatu Mohammed Dala, ga kuma sunan miji da aka ɗauka bayan aure. Mu mun san mutum ɗaya ce, mai binciken bai sani ba. A faɗa musu tun a saƙon farko, a rubuta kowane suna a fom, a tambaye su ko takardar aure ko rantsuwar kotu za ta wadatar. Ni dai a rubuce nake so su amsa, don in jami'in ya tafi hutu wanda ya gaje shi ya ga abin da aka ce a kawo.