Jimillar kusurwoyina ta tsaya a 120

Maigida, barka da aiki. Firam ɗin alwatika da ka ba ni, gefunansa santimita 60, 100 da 140 ne. Na samo ƙaramar kusurwa da dokar kosain, ta ba ni digiri 21.8. Sauran biyun na bi da dokar sain, na samu 38.2 da 60. Da na haɗa sai na ga 120 maimakon 180. Na maimaita sau uku, amsar ɗaya ce. A ina na kauce?

Kusurwa biyun farko daidai suke, ta ukun ce ta yaudare ka, kuma ba hannunka ya yi kuskure ba, hanyar da ka bi ce ba ta dace da wannan kusurwar ba. Sain ɗin digiri 60 da na digiri 120 lamba ɗaya ce, 0.866. Idan ka ba kalkuleta wannan lambar ka danna sin⁻¹, ba ta da hanyar sanin wacce kake nufi, don haka kullum ƙaramar za ta miƙo maka, domin maɓallin ba ya ba da amsar da ta haura 90. Ko sau ɗari ka maimaita, 60 za ka gani. Da ka ɗora sukwaya a wannan kwanar tun farko, da idonka ya gaya maka ta buɗe fiye da 90.

Kosain ba shi da wannan matsalar. Idan kusurwa ta haura 90 lambarsa tana fitowa da alamar ragi, kuma cos⁻¹ yana iya ba da amsa daga 0 har 180. Shi ya sa idan gefe uku ke hannunka, da kosain ake farawa, kuma da babbar kusurwa, wato wadda ke fuskantar gefe mafi tsawo. Ita kaɗai ce za ta iya haura 90 a cikin ukun.

Sanya wa gefunan suna: a shi ne 60, b shi ne 100, c shi ne 140. Kowace kusurwa tana ɗaukar sunan gefen da take kallo, don haka C ita ce ke fuskantar 140, tana zaune a mahaɗar 60 da 100.

```
cos C = (a² + b² − c²) ÷ (2ab)
```

Abin da za ka riƙe a ka shi ne, gefen da kusurwar ke kallo shi ake cirewa a sama, gefe biyun da suka rungume ta su ne a ƙasa. Ka ninka kowane gefe da kansa ka rubuta a gefen takarda, domin sau uku za ka buƙace su: 3600, 10000 da 19600. Ga C, 3600 a tara da 10000 a cire 19600 ya ba da −6000. A ƙasa, 2 sau 60 sau 100 ya ba da 12000. Raba, ka samu −0.5, cos⁻¹ ɗinsa kuwa digiri 120 cif. Kada ka yar da alamar ragin nan don ta yi maka baƙo a ido, in ka yar da ita ka koma 60 ɗinka.

Yanzu A, mai kallon 60. A sama, 10000 da 19600 a cire 3600, saura 26000. A ƙasa, 2 sau 100 sau 140, wato 28000. Rabon ya ba da 0.92857, kusurwar 21.79 ce. Sai B, mai kallon 100: sama 13200, ƙasa 16800, rabo 0.78571, kusurwa 38.21. Haɗa 120 da 21.79 da 38.21, ka ga 180 ta fito.

Za ka ce me ya sa aka wahalar da kai da ta ukun, tunda ana iya cire biyu daga 180 a huta. Amsar za ta fito, gaskiya ne, amma ka kashe gwajin da hannunka. Wanda ya cire daga 180 sannan ya haɗa ya ga 180, bai gwada komai ba, lambar da ya zuba ce ta dawo masa. Ko da ya samu A a matsayin 30 bisa kuskure, ta ukun za ta zama 30, jimilla ta cika, ya tafi ya yanka ƙarfe a karkace da kwanciyar hankali. Kowace kusurwa sai ta fito daga gefunan da kanta, sannan haɗin ya zama shaida. Kai ma abin da ya tona maka kuskurenka ke nan, ka lissafa ukun daban-daban, wannan kam ka yi daidai.

Yawan giɓin da ka gani shi zai nuna maka inda za ka duba. Idan 179.9 ko 180.1 ka samu, taƙaita lambobi ne kawai, wuce abinka. Idan giɓin ya kai rabin digiri zuwa ɗaya, galibi ka datse lambar kosain da wuri. Gwada ka gani: mayar da 0.92857 zuwa 0.93, da 0.78571 zuwa 0.79, sai kusurwoyin su koma 21.57 da 37.81, jimilla 179.38. Ka bar lamba huɗu ko biyar bayan ɗigo, ko ka bar amsar a kan allon kalkuleta ka danna cos⁻¹ kai tsaye. Idan jimillar ta fito 3.14, kalkuletar tana kan RAD ne, in kuma 200 ce tana kan GRA. Mayar da ita DEG, ka gwada cos⁻¹ na 0.5, dole ta ba ka 60.

Idan kuwa ta rubuta Math ERROR, abu biyu ne. Ko ka danna 26000 ÷ 2 × 100 × 140 a jere ba tare da ka killace na ƙasan ba, sai ta raba da 2 kawai ta ninka da sauran. Ko kuma gefunan ba za su haɗu su yi alwatika ba sam. Gajerun biyu dole su fi dogon idan an tara su. Naka 60 da 100 sun yi 160, sun fi 140, lafiya lau. Da dogon 165 ne, da rabon ya fito −1.135, kuma babu kusurwar da kosain ɗinta ya fita daga tsakanin −1 da 1.

Akwai abin da wannan gwajin ba zai taɓa kama maka ba, shi ne kuskuren awo. A ce tef ya lanƙwasa ka karanta 141 maimakon 140. Lissafi zai ba ka 121.56, 21.26 da 37.18, su ma su haɗu su yi 180 cif, alhali babbar kusurwa ta goce da fiye da digiri ɗaya da rabi saboda santimita ɗaya tak. Duk tsayi uku da za su iya haɗuwa, kusurwoyinsu 180 za su ba da. Don haka koma kan firam ɗin ka sake awon gefe ukun, duka daga waje ko duka daga ciki, kada ka gauraya, domin kaurin ƙarfen kaɗai ya isa ya ba ka wannan santimitar. In 140 ta tabbata, inda 60 da 100 za su haɗu ka yanka bakin kowannensu a digiri 60 da tsawon ƙarfen, rabin 120 ke nan, ka ɗiga walda kaɗan, ka sake auna dogon gefen kafin ka cike.